Maki Tara da Suka Ɓace

Har yau in na ga an jera lambobi a takarda sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar sun daidaita. Jikokina dariya suke yi, wai tsoho ba ya yarda da kowa. Ba su san cewa wannan hali nawa ya taɓa raba wani mutum da ɗansa ba, kuma ni da bakina ban taɓa gaya masu ba.

Lokacin yaƙin Nasara ne, ina da shekara ashirin da ɗoriya, aka sa ni ƙaramin malami a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙasar Madawa. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfa. Mu uku ne masu koyarwa. Akwai darakta, mutumin bakin teku, wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen nama ba. Akwai tsohon mushe, haka ake kiran malamin lakwal, mai riƙe da babban aji, mutumin ƙasarmu, ya kusa shekara hamsin, kullum da goro a baki da tabon tawada a hannun riga. Sai ni, mai ƙaramin aji, mai farin wando da girman kai. Wallahi girman kai ne, ba wani suna da zan ba shi.

Na tsani tsohon nan. Ba ya kirana mushe gaban yara, sai dai “kai yaro”. Faransancinsa duk a karye yake, amma shi ke da tebur mai aljihu, ni kuwa a kan akwati nake rubutu. Kullum ina cewa a raina, wannan dattijo ko tara sau bakwai sai ya lanƙwasa yatsu, amma shi ne gaba da ni. Ina jiran ranar da zan kama shi.

Wanda bai ga zamanin ba sai an yi masa bayani. A lokacin ba wanda ke kawo ɗansa lakwal da son ransa. Takarda ce ke zuwa ga mai gari a ce ya ba da yara kaza, shi kuma ya duba gidan da ba shi da mai magana ya ɗauko. In yaro ya gama babban aji, hanya biyu ce. Waɗanda suka fito a saman jeri a tura su babbar lakwal can gabas, tafiyar kwana da kwanaki, shekaru ba a ganinsu. Sauran a sallame su su koma gida. Saboda haka uwaye da yawa addu’arsu Allah ya sa ɗansu ya zama daƙiƙi. A shekarar da nake magana, takarda ta zo cewa uku na farko za a tura.

A babban ajin akwai wani yaro daga wani ƙauye na wajen Karofane, siriri, mai manyan kunnuwa. Ni na fara koya masa ƙidaya a ajina, kuma ban taɓa ganin kai irin nasa ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya riga ya sami amsa. Ina alfahari da shi kamar ni na haife shi. Uwarsa ta rasu, an ɗauki wansa soja ba a sake jin labarinsa ba, ubansa kuwa kurkunu ya lalata masa ƙafa ɗaya. Duk na san wannan. Kada wani ya ce ban sani ba.

Ranar jarrabawar lissafi darakta ya sa ni tsaron babban aji. Ina zagayawa da doguwar rula a hannu, na tsaya bisa kan yaron. Sai na ga abin da ya tayar mani da rai: ya yi aikin daidai tun daga sama har ƙasa, da ya zo rubuta amsa sai ya sa wata lamba da ba ta da alaƙa da aikin. Na sauke masa rula a bayan hannu har sai da alƙalami ya faɗi.

“Kai ma? Ni za ka yi wa wannan iskanci? Buɗe idonka!”

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗauki alƙalami, ya soke duk amsoshin da ya ɓata ya rubuta daidai. Ban bar wurin ba sai da ya gama duka. Ya ci tara bisa goma, maki ɗayan ma don sokewar da ya yi aka cire.

Ga yadda ake fitar da jeri. Darussa shida ne, kowanne ana ba da maki bisa goma, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Lissafi ana ninka makinsa sau uku. Shifta, wato dikte, sau biyu. Rubutun insha’i sau biyu. Karatu da kyan rubutu da hadda kuwa sau ɗaya ɗaya. In ka tara nauyin duka goma ke nan. Sai a haɗa makin yaro bayan an ninka, a raba da goma, abin da ya fito shi muke kira muwayen, da shi ake jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe. Tsohon mushe yana rubuta ainihin makin kowane darasi a gidansa, ninkawar kuwa a ka yake yi, sai dai ka ga jimla da muwayen a ƙarshen layi.

Ka’ida ce wani malami ya duba takardar ya sa hannu kafin ta je ga darakta. Wanda na gada a aikin sa hannu kawai yake yi. Da hantsi ranar Alhamis, ba karatu, tsohon ya miƙo mani takardar a ƙarƙashin rumfa tare da alƙalami an riga an tsoma shi a tawada.

“Kai yaro, sa hannu nan.”

Na ce sai na duba. Ya tsaya da taunar goro, ya ce, “Shekara nawa ina wanga aiki? Sa hannu mu tashi.” Da bai faɗi haka ba, wataƙila da na sa. Na ɗauki takardar na shige ajina.

Yara ashirin da ɗaya ne. Ban bi layi layi ba, ina da dabarar da nake taƙama da ita. Na tara makin lissafi na dukan yara daga sama zuwa ƙasa na ninka sau uku. Na tara na dikte na ninka sau biyu, na insha’i haka, na ƙara sauran ukun. Sannan na tara jimlolin da tsohon ya rubuta a gefe. In aiki ya yi daidai, dole biyun su zo ɗaya. Ba su zo ɗaya ba. Nasa ya gaza nawa da tara. Na sake, tara. Na sake na uku, tara dai.

Wai! Daɗin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mani. Ban ko sha wahalar nema ba. Tara cif ta ɓace, na duba gidan lissafi, yaro ɗaya ne tak ya ci tara. Na bi layinsa. Lissafi tara sau uku, ashirin da bakwai. Dikte shida sau biyu, sha biyu. Insha’i shida sau biyu, sha biyu. Karatu bakwai, kyan rubutu biyar, hadda shida. Sittin da tara ke nan, muwayen shida da ɗigo tara. Tsohon ya rubuta sittin, muwayen shida, ya sa shi na biyar. Ya ninka lissafin sau biyu maimakon uku.

Na ɗaya yana da saba’in da takwas, na biyu saba’in da biyu, na uku sittin da shida, na huɗu sittin da uku. Da sittin da tara, yaron Karofane ya tsallake biyu ya zama na uku, na ukun ya sauko na huɗu. Na ukun nan kuwa ɗan tafinta ne, mai fassara wa kumandan, Baturen mulki, magana, mutum ɗaya a garin da ya san amfanin boko yake kuma son a tura ɗansa.

Na fito rumfa da takardar. Tsohon ya dubi fuskata ya gane. Ya tofar da goro, ya matso, ya rage murya.

“Ka gani ko?”

Na ce na gani, tara sau uku ba sha takwas ba ne, ko ƴan ajina sun sani.

“Na san tara sau uku tun ba a haife ka ba,” in ji shi. “Saurara. Ubanai ya taho, yana zaune gidan maƙeri tun shekaranjiya. Da ƙafa guda ya zo. Shi kaɗai ya rage mai. Tafinta na son ɗansa shi tahi, wanga na son nashi shi komo. Wa aka cuta? Sa hannu, mushe.”

Ranar ce ya fara kirana mushe. Kuma abin da na ji a raina ba tausayi ba ne, cewa na yi, ashe kana iya faɗinta. Na ce masa ni ba a koya mani lissafin ƙarya ba. Na ce yaron nan kai gare shi, ba za a binne shi a gonar gero ba. Na faɗi wannan da ƙarfi don ya yi daɗin ji, amma gaskiyar magana tebur mai aljihu nake hange. Ya riƙe mani hannun riga, tsoho da furfurarsa. Na fizge na nufi gidan darakta.

Darakta ya sa tabarau ya bi lissafina sau biyu. Ya tambayi wanda ya amfana da kuskuren, na ce ɗan tafinta. Ban ƙara ko kalma ba, ban kuma rage ba. Na bar shi ya fahimci abin da ya ga dama, ina kallo ya fahimce shi a karkace. Ya aika aka kira tsohon, ya tambaye shi da Faransanci me tafinta ya ba shi, rago ko turmin zane. Tsohon ya dube ni, yana jira in yi magana. Na dubi bango. Ba zai iya faɗin gaskiya ba, don ɓoye wa Nasara yaro mai kai ya fi cin hanci laifi. Ya ce tsufa ne, kansa ya ruɗe. Darakta ya ce to ruɗaɗɗen kai ba ya riƙe aji.

Ranar Asabar da safe aka karanta jeri a fili. An yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan, ƙasa na ƙamshi, duk wanda ke da gona hankalinsa na can. Uwayen ƴan ƙauye sun zauna a gindin itacen bedi suna jiran a sallami ƴaƴansu. A cikinsu na ga uban yaron, ban taɓa ganinsa ba amma kunnuwan sun gaya mani. Ƙafarsa a naɗe da tsumma, ƙudaje na bi. A gefensa akwai sabuwar hauya, ƙotarta gajera, an yanke ta daidai tsawon yaro. Ita ta zaunar da shi gidan maƙeri.

Darakta ya ba ni takardar in karanta, lada ce ya yi mani. Sabuwa ce, ni na kwafe ta da hannuna, ba kure ko ɗaya. Ana kiran yaro ya fito ya tsaya a layi bisa matsayinsa. Na kira na ɗaya, na kira na biyu. Da na kira na uku sai wuri ya yi tsit, don yara duk sun san yadda tsohon ya jera su, irin wannan labari ba ya ɓoyuwa. Yaron bai motsa ba sai da darakta ya daka tsawa. Ya fito yana jan ƙafa. Ɗan tafinta ya fashe da kuka a matsayi na huɗu, ubansa ya kaɗa riga ya bar wurin, har ya mutu bai sake amsa gaisuwata ba.

Aka ware ukun gefe, gardin kumandan, wato dogarinsa mai bindiga, ya tsaya kusa da su. Aka ce sauran su tafi. Fili ya cika da hayaniya, uwaye na kama hannun ƴaƴansu kamar an saki awaki daga turke. Mutumin ya tashi da kyar, ya dogara da hauyar, ya nufo ni, don ni ne na yi magana kuma ni ke jin Hausa.

“Ranka shi daɗe, mushe, nawa fa? Tsohon malam ya ce mani yau za a ba ni shi.”

Na ce, “Baba, ɗanka ya ci. Shi ne na uku. Za a kai shi babbar lakwal.”

“Mi ya ci?”

Na fara yi masa bayani, wai ni mai ilimi. Na ce akwai darasin da ake ninkawa sau uku, an yi kuskure an ninka sau biyu, maki tara suka ɓace, aka gano su. Yana kallon bakina.

“Tara mi? Tara ɗin nan, in an bar ta ta ɓace, wa za ya yi asara?”

Ya ƙara da cewa, “Wa ya gano ta?” Na ce takarda ce ta nuna. Ka ji ni, jarumin lissafi, ko wannan ban iya ɗauka ba.

Ya durƙusa, da ƙafar nan tasa, ya kama gefen farin wandona. Ya ce a kai shi gaban babban malam, zai ba da akuyarsa, zai zo ya yi wa lakwal aiki da rani. Ya ce an yi ruwa, bai shuka ba, ƴan’uwansa sun ce in bana ma gonar ta kwana za su raba ta. Darakta ya tambaye ni me yake cewa. Na ce godiya yake yi. Darakta ya yi murmushi, ya dafa kan mutumin, ya shige.

Da ya ga ba inda za shi, sai ya juya ga ɗan. Ya ja ƙafa har inda suke tsaye, gardi bai hana shi ba. Na ɗauka rungumarsa zai yi. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari, yaron ya faɗi zaune.

“Mi na ce maka? Ban ce ka zama jaki ba? Jaki kawai na roƙe ka ka zama, shi ma ka kasa! Ka fi son Nasara da ni!”

Ya ƙara masa, ya ƙara. Yaron bai kare fuska ba, bai yi kuka ba. Yara suka taru suna kallo, wasu na dariya, don yara ba su da kirki. Sai da gardi ya ga jini a hanci sannan ya ture mutumin da gindin bindiga, ya faɗi kan ciwonsa. Tsohon mushe ne ya zo ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya raka shi bakin hanya. Ni ina tsaye da takardata.

Ba a bar su sun sake ganawa ba, don ana tsoron gudu. Aka kulle ukun a ɗakin aji har washegari. Mutumin bai kwana a garin ba, ya kama hanyar Buza, ta wajen ƙauyensu, da hauyarsa.

Tsohon mushe aka mayar da shi mai rubuta sunayen masu aikin hanya. Ranar da ya kwashe kayansa ya miƙo mani mabuɗin aljihun tebur da hannunsa. Ya ce, “Ga shi, kai yaro. Lissafinka daidai ne.” Darakta kuwa ya ji daɗin dabarata har ya mai da ita ka’ida: daga shekarar ba a karɓar takardar jeri sai an tara ta tsaye an tara ta kwance an ga sun zo ɗaya. Bayan wannan ba wanda ya sake iya ɓoye yaro a lakwal ɗin, har ni da na zo ina so daga baya.

Da safen tafiyarsu aka ɗora ƙunshinsu a kan jaki, gardi a gaba. Na je in yi masa sallama, na kai masa sabon littafin rubutu da fensir, abin da ke da wuyar samu a lokacin yaƙi. Leɓensa a kumbure yake. Na ce masa wata rana zai gode mani, zai zama babban mutum. Ya karɓi littafin da hannu biyu, yadda aka koya masa.

“Mushe, na iya dikte,” in ji shi. “Da gangan na ɓata. Insha’i ma haka. Na lissafa komi, in na ci biyar a lissafi zan tsaya hamsin da bakwai, ba mai kai ni ko’ina. Saura amsa biyu in ɓata, sai ka zo ka tsaya bisa kaina.”

Na yi lissafin a kaina nan take, hali ba ya barin mutum. Biyar sau uku sha biyar, an rage sha biyu daga sittin da tara. Hamsin da bakwai. Bai yi kuskure ba.

Gardi ya kira shi, ya bi jakin. Bayan kaka wani mai kawo gero daga Karofane ya gaya mani ƙafar ta kashe mutumin kafin a yi girbi, gonar kuma an raba. Takardar sanarwa ni aka sa na rubuta zuwa babbar lakwal, don ni ne mai kyan rubutu. Na zauna a tebur mai aljihu na rubuta ta layi uku, na sa hannu.